Zinare: a saye shi lokaci ɗaya, ko a riƙa saye wata-wata?

Tambayar takan taso ne a lokacin da kuɗi suka shigo hannu a dunƙule: an raba gado, an sayar da shanu, an kwashe albasa a Marwa an kai kasuwa, ko an biya kuɗin auduga a Garwa. Mutum ya riga ya yanke shawara zai mayar da wani kaso zinare ya ajiye. Abin da ya rage masa shi ne ya san ko gobe zai je wurin mai zinare ya zube kuɗin duka, ko zai kasa su kashi-kashi ya riƙa saye kowane wata. Masu ba da shawara sun fi karkata ga na biyun, kuma hujjarsu tana da daɗin ji: wai mai saye da kuɗi tsayayye duk wata yana samun zinare mai yawa idan farashi ya sauka, kaɗan idan ya hau, don haka a ƙarshe ya sayi nasa da araha. Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta amsa tambayar da aka yi ba. Araha idan an gwada da me?

Kafin lissafi, sai mu san inda farashin giram yake fitowa, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. A kasuwar duniya ana faɗin farashin zinare da dalar Amurka a kan oza ɗaya, kuma ozar zinare giram 31.1 ce. A raba farashin oza da 31.1, a ninka da abin da dala ɗaya take a sefa, an samu farashin giram na tsantsar zinare, wato karat 24. Idan oza tana dala 3,000, dala kuma tana sefa 600, giram ya kama kusan sefa 57,900. Kayan ado ba tsantsa ba ne. Karat 21 zinarensa kashi 87.5 ne cikin ɗari, shi ya sa ake buga masa lamba 875. Karat 18 kashi 75 ne, lambarsa 750. Karat 22 kuwa 916. To giram ɗin karat 21 a wancan farashi zai tsaya wajen sefa 50,600. Don sauƙin lissafi zan ɗauki 50,000 cif. Wannan adadi na misali ne kawai, mai son saye ya nemi farashin ranar ya sa a madadinsa, lissafin ba zai canza salo ba.

Mu ɗauki wa da ƙane a Garwa, kowanne ya samu sefa 1,200,000 daga gado. Wan ya je ranar farko ya sayi giram 24 a kan 50,000, ya kai gida ya kulle. Ƙanen ya ce shi zai riƙa fitar da 200,000 duk wata har wata shida. A wannan zagaye na farko mu yi kamar babu kuɗin aiki, babu ragi wajen sayarwa, farashin ƙarfen kawai.

A ce farashi ya sauka sannan ya farfaɗo: 50,000 a watan farko, sai 45,000, sai 40,000 wata biyu a jere, sai 45,000, ya koma 50,000 a na shida. Ƙanen zai samu giram 4 a watan farko, 4.44 a na biyu, 5 a na uku, 5 a na huɗu, 4.44 a na biyar, 4 a na shida. Jimla giram 26.89. Ya fi wansa da giram 2.89, wanda a farashin 50,000 ya kai kusan sefa 144,000. Wannan shi ne misalin da masu yabon saye wata-wata suke son kawowa, kuma lissafinsa daidai ne.

Yanzu a juya. Farashi ya hau sannan ya dawo: 50,000, 55,000, 60,000, 60,000, 55,000, 50,000. Inda aka fara nan aka ƙare, kamar ɗazu. Amma ƙanen ya tashi da giram 21.94 kawai, wan kuma yana nan da 24 ɗinsa. Idan kuwa farashin ya riƙa hawa bai dawo ba, dubu biyu duk wata, daga 50,000 har 60,000, ƙanen zai samu giram 4, 3.85, 3.70, 3.57, 3.45 da 3.33, jimla 21.90. A farashin ƙarshe na 60,000, zinaren wan ya kai sefa 1,440,000, na ƙanen 1,314,000. Dukansu sun ci riba, amma jira ya ci wa ƙanen 126,000. Idan kuma farashin ya riƙa zubewa, dubu biyu duk wata har ya kai 40,000, ƙanen ya tara giram 26.82 masu darajar kusan 1,073,000, wan kuma nasa ya koma 960,000. A nan dukansu sun faɗi, faɗuwar ƙanen ce dai ta fi sauƙi.

Daga waɗannan hanyoyi huɗu abu ɗaya ya fito fili. Ƙanen yana gaba ne kawai idan farashin watannin da suka biyo baya, a matsakaici, ya gaza farashin ranar farko. Idan ya zarce shi, wan ne a gaba. Babu wata dabara da ta wuce wannan. Wanda ya kasa kuɗinsa kashi shida yana da kuɗin a hannu, a haƙiƙa ya yi hasashe ne cewa zinare zai sauka, ko ya furta ko bai furta ba. Akwai kuma ɗan abin mamaki a cikinsa: mutum ya yarda zinare zai tashi har ya yanke shawarar zuba dukiyarsa a ciki, sannan ya zaɓi hanyar sayen da ba ta cin nasara sai zinaren ya faɗi.

To ina maganar arahar da ake yi? Tana nan, amma a duba girmanta. A hanyar farko, idan aka tara farashin watanni shidan aka raba shida, za a samu 45,000. Ƙanen kuwa ya kashe 1,200,000 ya samu giram 26.89, kowane giram ya tsaya masa a kan 44,628. Bambancin sefa 372 ne a giram, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali farashin ya yi lilo har na kashi ashirin. Wannan ɗan ragi shi ne dukan abin da tsayar da adadin kuɗi yake haifarwa, kuma dalilinsa duk mai cefane ya san shi: wadda take fita da kuɗi iri ɗaya duk ranar kasuwa tana auno gero da yawa a kaka, kaɗan a bazara, don haka yawancin geron da ya shiga gidanta na araha ne. A hanyar da farashi ya yi ta hawa ma ragin yana nan, giram ya tsaya wa ƙanen kusan 54,800 alhali matsakaicin farashi 55,000 ne. Amma me wannan ya amfana masa, tunda wansa ya saya a 50,000? Ragin ana auna shi ne da matsakaicin farashin watannin, ba da farashin da mutum zai iya samu tun ranar farko ba. A nan ne mafi yawan bayanai suke yi wa mai karatu rufa-rufa.

Kuɗin aiki da ragin sayarwa

Duk lissafin da ya gabata na takarda ne. A Garwa ko Marwa ko Njamena, mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen zinare a farashin allo. Abin da ke gabansa a shago zobe ne, ɗan kunne, sarƙa, awarwaro, kuma a kan kowanne akwai kuɗin aiki. Ƙananan kaya su suka fi cin kuɗin aiki idan aka raba shi a kan giram, domin wahalar ƙera ɗan kunne mai giram uku ba ta gaza ta awarwaro mai giram ashirin sosai ba. Ban da wannan, mai sayen giram ashirin da huɗu a zama ɗaya yana da bakin ciniki, mai sayen giram huɗu ba shi da shi.

Mu sa wa misalinmu adadi. A ce kuɗin aikin ƙananan kaya sefa 5,000 ne a giram, na awarwaro maras ado kuma, bayan ciniki, 2,500. Wan zai biya 52,500 a giram, ya samu giram 22.86. Ƙanen, ko da farashi bai motsa ba ko kaɗan cikin wata shidan, zai riƙa biyan 55,000, ya tashi da giram 21.82. Ya yi asarar giram ɗaya da ɗoriya, sama da sefa 50,000, ba tare da kasuwa ta yi masa komai ba. Ma'ana, kafin ya kamo wansa sai farashin da yake saye a kai ya sauka da kusan kashi biyar cikin ɗari a matsakaici. A hanyar farko, wadda ta fi kowace yi masa kyau, giram ɗinsa ya koma 24.16, ratar da ya ba wansa ta ragu daga 2.89 zuwa 1.30. A hanyar da farashi ya yi ta hawa kuwa ya koma 20.07, ratar da aka ba shi ta ƙaru daga 2.10 zuwa 2.79. Ribarsa ta ragu fiye da rabi, asararsa ta ƙaru da kusan sulusi.

Sai ranar sayarwa. Mai shago ba ya mayar wa kowa kuɗin aiki, kuma yana saye ƙasa da farashin ƙarfen domin nan ne abincinsa yake. A ce yana karɓa a 47,000 ranar da giram yake 50,000. Idan wan ya sayi awarwaronsa da safe ya mayar da yamma, za a ba shi kusan 1,074,000, ya bar sefa 126,000 a shago. Ƙanen, a farashin da bai motsa ba, zai karɓi kusan 1,025,000, ya bar 175,000. Kafin wan ya ga uwar kuɗinsa sai farashin da ake karɓa ya tashi daga 47,000 zuwa 52,500, hawan kusan kashi goma sha biyu cikin ɗari. Wannan giɓi na tsakanin saye da sayarwa ya kai girman duk abin da ake gardama a kansa tsakanin hanyoyin biyu, ga shi kuma tabbas ne, alhali hawa da saukar kasuwa gaibu ne. A ganina wanda ya ɓata awa ɗaya yana cinikin kuɗin aiki ya fi wanda ya ɓata wata guda yana tunanin lokacin saye cin riba.

Ƙananan kaya suna da wata ɓoyayyar illa kuma. Suna da mahaɗai da maƙalai da yawa, inda ake liƙi da ƙarfen da sau da yawa bai kai karat ɗin jikin kayan ba, wasu kuma an dasa musu duwatsu. Ranar saye ana auna dutsen tare da zinaren, ranar sayarwa a cire shi a auna abin da ya saura. Sikeli ma haka. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na giram, a farashinmu sefa 5,000 ne. A kan awarwaro mai giram 24 bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, a kan zobe mai giram 4 kuwa kashi biyu da rabi ne, kuma ƙanen sau shida zai hau sikelin. Lambar da aka buga a jikin kaya ba ta isa shaida ba, kowa yana iya buga 875 a kan abin da bai kai ba. Sai an goga a dutsen gwaji an ɗiga ruwan asid, ko an sa a na'urar gwaji inda akwai ta, kuma a auna a sikeli na biyu a wani shagon. Wanda zai saya sau ɗaya zai daure ya yi duk wannan. Wanda ya mayar da abin al'adar wata-wata, zuwa wata na huɗu sabo ya shiga, kunya ta hana shi cewa a gwada.

Akwai kuma wata matsala ta aiki: ba a yanka zobe don ya yi daidai da sefa 200,000. Ƙanen zai tarar da mai giram 3.2 ko mai 4.7. Idan ya ɗauki ƙaramin, canjin da ya rage ya kamata ya haɗu da kuɗin wata mai zuwa, ba ya shiga cefane ba. Idan kuwa ya ce shi giram huɗu zai riƙa saye duk wata ko nawa ne, to ya bar tsarin kuɗi tsayayye ya koma na awo tsayayye, ɗan ragin nan na sefa 372 ma ya tafi.

Abin da tarihi ya nuna, da abin da sefa ta ƙara

Kada a ɗauka wan ba shi da haɗari. A watan Satumba na 2011 oza ta kai wajen dala 1,900, daga nan ta juya, a 2013 kaɗai ta zube da kusan kashi 28 cikin ɗari, zuwa Disamban 2015 tana wajen 1,050. Wanda ya zuba dukan kuɗinsa a ƙololuwar 2011, in da dala yake lissafi, sai a 2020 ya sake ganin farashin da ya saya. Kafin wannan an yi wadda ta fi ta tsawo: dala 850 a Janairun 1980, ƙasa da 300 a 1999. Masu cewa zinare ba ya faɗuwa ba su duba baya da nisa ba.

Sai dai a lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Wanda ya kasa kuɗinsa wata shida daga Satumban 2011 bai tsira ba, domin farashin ya ci gaba da zama sama da dala 1,500 har cikin 2012 gaba ɗaya, babbar faɗuwar sai a Afrilun 2013 ta zo. Da ya gama sayensa tun kafin nan, a farashin da ya ɗan fi na ƙololuwa sauƙi, sannan ya sha faɗuwar tare da kowa. Wata shida ko shekara ɗaya tana kare mutum daga rashin sa'ar rana guda ko mako guda. Ba ta kare shi daga faɗuwar shekara huɗu. Wanda ya ci moriyar waccan faɗuwa shi ne mai albashi da ya yi ta saye daga 2011 har 2016 da bayanta, kuma shi dama bai taɓa riƙe dunƙulen kuɗi ba. A ɗaya ɓangaren, oza ta haura dala 2,000 a Agustan 2020, ta haura 3,000 a Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoban shekarar. Wanda ya riƙe kuɗi a farkon 2025 yana sakinsu kaɗan-kaɗan, hanyar nan ta hawa ya bi, har ma da ta fi ta misalinmu tsanani.

Mu da muke riƙe da sefa muna da ƙarin abin dubawa. Sefarmu a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro ɗaya tun 1999, zinare kuwa da dala ake faɗinsa. Saboda haka giram yana iya tashi a Garwa ko da oza ba ta motsa ba a Landan, in dai dala ta yi ƙarfi a kan yuro. A misalinmu na oza 3,000, dala ta tashi daga sefa 600 zuwa 650, giram ɗin tsantsa ya tashi daga 57,900 zuwa 62,700. An ga irin wannan a 2022, lokacin da yuro ya sauka ya yi kunnen doki da dala. Haka kuma idan yuro ya yi ƙarfi, wani ɓangare na hawan oza ba ya iso mana. Dattawa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. A irin wannan rana duk abin da ake saye da kuɗin waje yana ninkawa, zinare a ciki. Da ƙanen yana wata na biyu a lokacin, sefa 800,000 da ke jira a akwatinsa da sun koma sayen rabin abin da za su saya jiya. Ba ina cewa za a sake ba, an fi shekara talatin ba a yi ba. Ina nuna dai cewa kuɗin da ke jira ma suna cikin haɗari irin nasu, kuma idan tsoron lalacewar takardar kuɗi ne ya kai mutum ga zinare, barin kashi biyar cikin shida na kuɗin a takarda ya saɓa wa dalilin.

Wani haɗarin ma ya fi wannan kusa. Kuɗin da dangi suka san suna gida ba sa kai wata shida. Biki ya taso, rashin lafiya ta zo, ɗan'uwa ya zo neman rance da alkawarin mako biyu. Ƙanen da ya shirya saye sau shida sau da yawa a na uku yake tsayawa. A takarda ba a ganin wannan, amma duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin gado ya san shi.

Wanda ba shi da dunƙulen kuɗi

Malamar makaranta a Ngaundere da ke iya ware sefa 50,000 daga albashi ba ta cikin gardamar wa da ƙane. Ba ta da miliyan a hannu balle ta zaɓa. Nata zaɓin tsakanin saye yanzu ne da tarawa a saya daga baya, kuma a nan saye a kai a kai yana da hujja mai ƙarfi, tunda shi ne saye da wuri. Ko a misalinmu, da ƙanen tarawa yake yi 200,000 duk wata ya saya gaba ɗaya a wata na shida, a hanyar hawa zai biya 62,500 ya samu giram 19.2, ƙasa da 20.07 na saye wata-wata. Amma 50,000 ba ta kai giram ɗaya ba idan an haɗa da kuɗin aiki, kuma abin da ake ƙerawa da ƙasa da giram shi ya fi kowane tsadar aiki. Abin da ya fi mata shi ne ta tara na wata uku ko huɗu ta sayi abu ɗaya maras ado mai ɗan nauyi. Adashi yana yin wannan aiki da kyau: mata shida masu zubin 50,000, kowacce ta kwashi 300,000 ta saya a dunƙule. Mai ɗaukar farko ta zama kamar wan, mai ɗaukar ƙarshe ta zama mai tarawa, don haka idan niyyar kowa zinare ce, adalci shi ne a yi ƙuri'a a kan jerin ɗauka.

Abin da ba zan ba ta shawara ba shi ne ta riƙa kai wa mai shago kuɗin yana rubutawa, wai idan sun cika ta karɓi kaya. Ta fuskar kasuwanci, ta zama mai bin bashi ba mai zinare ba. In shagon ya rufe ko mai shi ya rasu, takarda ce kawai a hannunta, kuma rigima takan tashi a kan wane farashi za a bi, na ranar zubi ko na ranar karɓa. Ta fuskar shari'a ma, hadisin Ubada ɗan Samit ya shardanta hannu da hannu a musayar zinare da azurfa, kuma mafi yawan malaman wannan zamani sun ba takardar kuɗi hukuncinsu. Ke nan a biya a karɓa a zama ɗaya. Wannan sharaɗi ya rufe ƙofar karɓar awarwaro yau a biya kashi-kashi a wurin mafi yawansu, ko da yake akwai malaman da suka sassauta a kan kayan ado da aka ƙera. Mai wannan niyya ta tambayi malaminta kafin ta shiga, ba bayan ta shiga ba.

To shi mai dunƙulen fa? Idan zinaren na ajiyar shekaru ne, biyar zuwa sama, kuma ya ware kuɗin buƙatun gida daban yadda ba za a tilasta masa sayarwa ba, ni ina ganin saye lokaci ɗaya ya fi, saboda kuɗin aiki da bakin ciniki da tsare kuɗin daga zubewa. Idan kuwa ya san kansa, ya san idan farashi ya sauka da kashi goma wata ɗaya bayan ya saya ba zai yi barci ba har sai ya sayar da asara, to ya raba, amma biyu, ba shida ba. A misalinmu, 600,000 a watan farko da 600,000 a na huɗu, duka a kuɗin aikin 2,500 tunda kowane saye ya haura giram goma ko ya kusa: a hanyar da farashi ya sauka ya samu giram 25.55, a hanyar hawa 21.69. A duka biyun ya fi ƙanen, mai 24.16 da 20.07. Gaskiya a hanyar farko akwai sa'a a ciki, domin wata na huɗu ya faɗo daidai inda farashi ya fi sauka, amma a hanyar hawa babu sa'ar komai, ragin kuɗin aiki da saye da wuri ne suka yi aikin. Sharaɗin shi ne ranar saye na biyu a tsayar da ita tun farko a rubuta. Wanda ya ce sai ya ga yadda kasuwa ta yi, idan ta hau zai ce ta yi tsada, idan ta sauka zai ce bari ta ƙara sauka.

Zakka ba ta bambanta hanyoyin biyu sosai, domin kuɗin da ke jira da zinaren da aka saya don ajiya duka ana haɗa su a lissafi. Nisabin zinare miskali 20 ne, wajen giram 85 na tsantsa, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari idan shekara ta zagayo. Giram 24 shi kaɗai bai kai ba, amma ana tara shi da sauran kuɗin mutum da kayan kasuwancinsa, kuma a mazhabar Malikiyya sassaucin da aka yi na kayan adon da mace take sawa ne, bai shafi awarwaron da namiji ya saya ya kulle don ajiya ba.

Ko wace hanya aka bi, a nemi rasit da ya rubuta abu huɗu daban-daban: nauyi har zuwa lamba biyu bayan ɗigo, karat, farashin giram na ranar, da kuɗin aiki shi kaɗai. Mai shagon da ya dunƙule su ya faɗi kuɗi ɗaya, a raba kuɗin da nauyin a gabansa, a cire farashin ƙarfen da aka lissafo daga oza da dala, abin da ya rage shi ne kuɗin aikin da ribarsa. Sannan a yi masa tambayar da ta fi kowace amfani tun kuɗi ba su bar aljihu ba: «Alhaji, in na dawo da wannan gobe, nawa za ka karɓa?» Idan tsakanin abin da zai sayar da abin da zai karɓa ya haura kashi goma sha biyar cikin ɗari, a ajiye wannan kayan a nemi wanda ya fi shi nauyi da ƙarancin ado, ko a leƙa shago na gaba.